Shafin intanet na akitek: Instagram, Squarespace, WordPress ko shafin hannu?

Yawancin masu zanen gine-gine a Kano, Kaduna da Abuja ta hanyar sanayya suke samun aiki. Wani ya ga gidan abokinsa ya burge shi, ya tambayi wanda ya zana, aka ba shi lambar waya. Daga nan sai ya ce, "Akitek, turo min ayyukanka in gani." A nan ne ake yawan rasa kwastoma, domin abin da ake tura masa tarin hotuna ne ta WhatsApp ba bayani, wasu na gidan da aka gama, wasu zanen kwamfuta ne na ginin da ko harsashinsa ba a haƙa ba. Amfanin shafin intanet ga akitek shi ne ya maye gurbin wannan tarin hotunan da adireshi guda. Mai nema ya buɗe, ya ga yadda kake warware matsalar fili da ta iyali, sannan ya san abin da zai yi idan yana son ba ka aiki.

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai son yin wannan. Ko ya tsaya a Instagram da Behance, ko ya kama haya a Squarespace ko Wix, ko ya kafa WordPress a masaukin da ya biya da kansa, wato kamfanin da ke ajiye masa shafin a intanet, ko a rubuta masa shafi da hannu. Dukkansu za su iya yin kyau a ido, don haka ban sa kyau a cikin ma'aunin ba.

Abin da za a auna

Ma'auni na farko mallaka ce, wato sunan shafin, adireshin da ake rubutawa a buɗe shi, da abin da ke cikinsa na wane ne. Na biyu, ko dandalin zai ba ka damar ba da labarin aiki guda daga farko zuwa ƙarshe. Na uku, hanyar da mai nema zai bi ya iso gare ka. Na huɗu, nauyin shafin a wayar mai amfani da data. Na biyar kuɗi, da ma irin kuɗin, domin biya da dala daban, biya da naira daban. Na ƙarshe, wa zai riƙa kula da shafin bayan an buɗe shi. Na biyu da na uku su ne ainihin aikin, kuma idan ba ka san abin da kake so a cikinsu ba, kowane dandali ka zaɓa asarar kuɗi za ka yi. Saboda haka bari in tsaya a kansu tukuna.

Yadda shafin aiki guda ya kamata ya kasance

Mu ɗauki misali. Akitek a Kaduna ta zana wa wani magidanci gida mai ɗaki huɗu a fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30, murabba'in mita 450. Idan ta sa hoton gaban gidan kawai ta rubuta "gida mai ɗaki huɗu, Kaduna", babu abin da ya bambanta ta da duk wani mai kwafar zane. Abin da ke sayar da ita shi ne labarin. Maigidan yana son falon baƙi maza wanda mai shiga ba zai ga cikin gida ba, mahaifiyarsa za ta zauna tare da su kuma ba ta iya hawa bene, sannan fuskar filin yamma take kallo, rana tana dukanta daga azahar har faɗuwa. Wannan shi ne sakin layi na farko, buƙatar mai gida da matsalar fili.

Sakin layi na biyu shi ne hukuncin da ta yanke da dalilinsa. Ta ba falon baƙi ƙofarsa daban kusa da get, kamar yadda zaure yake a gidajenmu na da. Ta ajiye ɗakin tsohuwa a ƙasa da banɗakinsa, yana buɗewa zuwa ƙaramin tsakar gida. Ta rage tagogin yamma ta yi musu rumfa, manyan tagogin ta mayar da su kudu da arewa don iska ta ratsa. A gefen wannan bayanin ne ake sa zanen ƙasa mai sauƙi, wanda aka cire masa awo da lambobin da magini kawai ke buƙata, aka bar sunayen ɗakuna da kibiyar arewa. Sai hotunan aiki yana tafiya, ɗaya a harsashi, ɗaya a linta, ɗaya ranar zuba dekin. Waɗannan hotunan ba su da ƙawa, amma su ne shaidar cewa zanen ya zama gini, kuma mai shirin kashe miliyoyinsa ya fi natsuwa da su a kan hoton kwamfuta mai sheƙi. A ƙarshe a sa hotunan gidan da aka gama, da ɗan jadawali: shekara, gari, girman fili, matsayin aikin, da abin da akitek ɗin ta yi da kanta, zane ne kawai ko har da sa ido a kan ginin.

Duk wanda ya san labarin cibiyar Hikma ta garin Dandaji a Nijar, wadda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana aka kammala a 2018, zai gane abin da nake nufi. Abin da ke zama a ran mutum shi ne an mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse. Hukuncin ne ake tunawa, hoton yana biye da shi.

Ayyuka biyar ko shida da aka ba da labarinsu haka sun fi talatin da aka jera ba magana. Kuma akwai abu biyu da ba na son a yi wasa da su. Hoton kwamfuta a rubuta a ƙarƙashinsa cewa zane ne, kada a bar mai kallo ya ɗauka an gina. Sannan gidan mutum sirrinsa ne. A nemi izininsa a rubuce kafin a sa komai, a ambaci gari kawai ban da unguwa da layi, kada lambar mota ko ta gida ta fito, kuma idan bai yarda a nuna zanen ɓangaren iyali ba, a haƙura. A halin tsaron da ake ciki, zanen da ke nuna ɗakin maigida da ƙofar baya ba abin bazawa ba ne. A kuma sani cewa hoton waya yakan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil ɗin, don haka a goge wannan bayanin kafin a ɗora.

Hanyar ba da aiki

A ƙarshen kowane labari a sami maɓalli guda mai cewa "Kana da fili? Mu yi magana", ya kai mutum shafi guda da ke bayyana matakan aiki da kai: ganawar farko, ziyarar fili, zanen farko da gyare-gyarensa, cikakken zanen aiki, neman izinin gini a hukuma irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, sai sa ido a kan gini. A faɗi matakin da ake fara biyan kuɗi. Ba dole ba ne ka rubuta farashi, amma faɗin cewa ziyarar fili da kuɗinta yana rage masu zuwa neman zanen kyauta. A wannan shafin ne kuma ake sa lambar rajistar ARCON, hukumar da dokar 1969 ta kafa don yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya. Mai nema da ke zaune a Legas, Jidda ko Landan yana son gina gida a garinsu ba shi da hanyar tantance ka da ta fi wannan.

Fom ɗin da mai nema zai cika kada ya wuce tambayoyi bakwai ko takwas: suna, lambar waya, garin da filin yake, girmansa, ko akwai takardar mallaka, irin ginin da ake so, da lokacin da ake son farawa. Tambayar kasafin kuɗi a ba ta zaɓi na tsakanin kaza da kaza, domin mutanenmu ba sa son rubuta adadi kai tsaye ga wanda ba su sani ba. Kusa da fom ɗin a sa hanyar WhatsApp, don da yawa ba za su cika fom ba ko da gajere ne. Ana rubuta mahaɗin da lambar ƙasa, ba alamar tarawa, ba sifilin farko:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Sallama%2C%20ina%20son%20zanen%20gida
```

Idan kana karɓar kuɗin ganawa tun kafin a haɗu, Paystack da Flutterwave suna ba da mahaɗin biya da za ka liƙa a kowane irin shafi, don haka wannan ba dalili ba ne na fifita wani dandali a kan wani.

Zaɓi na farko: Instagram da Behance

Ba ka biyan ko kwabo, kuma a yini guda ka gama. Instagram shi ne inda masu gina gida suke yawo, ba a musun wannan. Matsalarsa ita ce ba a yi shi don dogon labari ba. Zanen ƙasa yana ƙanƙancewa har ba a iya karanta sunan ɗaki, bayanin da ke ƙarƙashin hoto kaɗan ne ke buɗe shi, aikin da ka fi alfahari da shi kuma yana nutsewa ƙasa da zarar ka ɗora sababbi. Behance, wanda kamfanin Adobe ya saya a 2012, ya fi dacewa da labarin aiki, domin kana iya jera hoto da rubutu a shafi mai tsawo. Amma masu ziyartarsa yawanci 'yan'uwanka ne masu zane da kamfanonin da ke neman ma'aikata, ba Alhajin da ya sayi fuloti ba, kuma ayyukan wasu suna nan kusa da naka suna jan idon mai kallo.

Babban haɗarin shi ne asusun ba naka ba ne. Idan aka yi maka kutse ko aka rufe shi, adireshin da ka buga a katinka da allon da ka kafa a bakin gini ya mutu. Babu kuma fom, sai saƙon cikin manhaja, inda mai neman aiki na gaske ke cakuɗewa da masu cewa "nawa ne wannan?"

Zaɓi na biyu: Squarespace ko Wix

Waɗannan gidan haya ne da aka gama shi da fenti da kujeru. Ka biya ka shiga, famfo ya lalace ba ruwanka, amma ranar da ka daina biya za ka fita, kuma bangon ba zai bi ka ba. Masauki, tsaro da sabunta manhaja duk suna wuyan kamfanin. Kai dai ka zaɓi samfuri, wato fasalin shafi da aka riga aka tsara, ka ja hoto ka ajiye, ka rubuta bayani. Squarespace yana da nau'in shafi da aka tanada musamman don jera ayyuka, kowane aiki da shafinsa, fom kuma yana zuwa a haɗe yana aiki ba sai ka ƙara komai ba. Yana kuma yanka hotonka zuwa girma daban-daban da kansa don waya ta karɓi ƙarami. Wix ya fi ba da 'yancin ajiye abu duk inda kake so, sai dai wannan 'yancin yana sa dole ka duba fasalin waya daban, don abin da ya zauna daidai a kwamfuta yakan hau kan juna a waya.

Kuɗin ne abin dubawa. Mafi ƙanƙantar tsarin da ke ba ka damar amfani da sunan shafinka yana kamawa kusan dala 200 a shekara idan ka biya na shekara gaba ɗaya, wato wajen dala 600 a shekara uku. Squarespace ba shi da tsarin kyauta sai gwajin kwana 14. Wix yana da na kyauta, amma da tallarsu a saman shafin da adireshi mai ɗauke da `wixsite.com`, wanda bai dace da ofishin da ke neman amanar miliyoyi ba. Biyan da dala ne, don haka duk lokacin da naira ta faɗi hayarka ta tashi. A 2022 bankuna da yawa a Najeriya sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, kuma duk da wasu sun dawo da shi daga baya, darasin yana nan: kafin ka gina komai, ka tabbata kana da katin da zai biya a ranar sabuntawa.

Sai batun tashi. Shafin Wix ba a ɗauke shi a kai wani masauki. Squarespace yana ba da damar fitar da wasu shafuka zuwa WordPress, amma shafukan jera ayyuka, waɗanda su ne zuciyar shafin akitek, ba sa cikin abin da ke fita. Maganin wannan mai sauƙi ne. Kowane labarin aiki ka fara rubuta shi a kwamfutarka, ka ajiye shi da hotunansa a jaka guda mai sunan aikin, sannan ka kwafa zuwa shafin. Idan ka yi haka, ƙaura aikin kwana biyu ko uku ne.

Zaɓi na uku: WordPress a masaukinka

Ina nufin manhajar kyauta da ake saukewa daga `wordpress.org` a kafa a masaukin da ka biya, ba hidimar `wordpress.com` ba, wadda ita ma haya ce. A nan kana iya biyan komai da naira. Kamfanonin cikin gida da hukumar NiRA ta amince da su suna sayar da suna mai ƙarewa da `.ng` ko `.com.ng` tare da masauki, kuma kuɗin shekara yawanci bai kai na Squarespace ba ko kusa. Idan kana son samfuri na saye, yawanci dala 40 zuwa 70 ne, biya ɗaya. Babban kuɗin shi ne ladan wanda zai haɗa maka idan ba kai za ka yi ba.

Ta fuskar labarin aiki babu wanda ya kai shi sassauci. Ana iya ware wa ayyuka rukuninsu, kowanne da gurbin shekara, gari da girman fili, mai ziyara ya tace gidajen zama daban, makarantu daban, masallatai daban. Idan kana son shafin ya fito da Hausa da Turanci, ko Hausa da Faransanci ga ofishin da ke Maraɗi ko Damagaram, akwai hanyar yin hakan. Komai kuma naka ne, kana iya kwashe shi gaba ɗaya ka koma wani masauki.

Abin da ake biya a madadin wannan shi ne kulawa, kuma a nan mafi yawan shafukan ke mutuwa. Matsala uku ce ke maimaituwa. Ta farko samfurin sata, wato na saye da wani ya fasa yake rabawa kyauta. Sau da yawa akwai ɓoyayyar ƙofa a cikinsa, kuma alamar ita ce wata rana ka nemi sunanka a Google ka ga shafinka yana tallar caca ko magani, ko ya riƙa tura mai ziyara wani wuri. Ka tambayi mai haɗa maka rasiɗin sayen samfurin. Ta biyu rashin sabuntawa. Ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress su ne hanyar da aka fi bi a yi kutse, don haka a taƙaita su, a sabunta su aƙalla sau ɗaya a wata, a kuma sa irin su UpdraftPlus su riƙa ajiye kwafi a wani wuri daban da masaukin.

Ta uku ta fi ciwo, domin ba ta da alama. Fom yana nuna wa mai nema cewa saƙonsa ya tafi, alhali saƙon bai iso akwatinka ba ko ya faɗa cikin tarkacen wasiƙu. Dalilin shi ne masaukai masu arha suna aika wasiƙa ta hanyar da Gmail ba ya yarda da ita. Ana gyara wannan da ƙarin manhaja irin WP Mail SMTP, a haɗa fom ɗin da akwatin imel na gaske, a kuma sa shi ya riƙa ajiye kwafin kowane saƙo a cikin shafin. Duk farkon wata ka cika fom ɗin da kanka daga wata waya ka ga ko ya iso. Akitek zai iya yin wata shida yana cewa kasuwa ta yi sanyi, ashe masu nema suna ta rubutowa.

Zaɓi na huɗu: shafin hannu

Wannan shafi ne da mai rubuta manhaja ke haɗawa da kayan aiki irin Hugo, a ɗora shi kyauta a Cloudflare Pages ko Netlify. Babu rumbun bayanai a bayansa, babu shafin shiga da za a fasa, kuma shi ya fi kowanne saurin buɗewa. Kuɗin shekara na sunan shafi ne kawai, dala 10 zuwa 20 idan `.com` ne. Fom sai an jingina shi da wata hidima kamar Formspree ko ta Netlify ɗin. Rauninsa guda ne amma babba: ƙara sabon aiki yana buƙatar wanda ya iya. Idan ɗan'uwanka ne ya haɗa maka sannan ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a wani gari, shafin zai tsaya a aikin shekarar da ya tafi.

Nauyin hoto, wanda ya shafi duka

Mu koma gidan Kaduna. A ce labarinsa yana da hoto 12, kowanne megabayit 5 kamar yadda ya fito daga kyamara. Jimla megabayit 60 ke nan a shafi guda. Mai buɗewa da data a wurin da sabis ke rawa zai rufe kafin hoto na uku ya fito. Idan aka rage faɗin kowanne zuwa fiksel 1600 aka mayar da shi nau'in hoto mara nauyi mai suna WebP, yakan dawo wajen kilobayit 250, jimla megabayit 3, kuma a allon waya ido ba zai ga bambanci ba. Ana yin haka a shafin Squoosh ba tare da saukar da komai ba, ko da wannan umarnin:

```
cwebp -q 80 -resize 1600 0 gaba.jpg -o gaba.webp
```

Wannan umarnin ba ya kwafe ɓoyayyen bayanin wurin da aka ɗauki hoton, don haka ya biya buƙata biyu. Zanen ƙasa kuwa a fitar da shi a matsayin hoto mai kaurin layi, kada a ɗora PDF ɗin aiki, saboda nauyi da kuma masu kwafa. Gwajin da ya fi gaskiya shi ne ka kashe wayafai, ka ari ƙaramar waya mai arha, ka buɗe shafin ka ƙirga daƙiƙoƙin.

| Ma'auni | Instagram da Behance | Squarespace ko Wix | WordPress | Shafin hannu |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shekara | Babu | Daga kusan dala 200 | Suna da masauki, ana iya biya da naira | Sunan shafi kawai |
| Kuɗin farawa | Babu | Lokacinka | Samfuri da ladan mai haɗawa | Ladan mai rubutawa |
| Labarin aiki | Rauni a Instagram, da dama a Behance | Mai kyau | Mafi sassauci | Yadda aka tsara shi |
| Fom | Babu | A haɗe yake | Sai an saita an gwada | Sai da wata hidima |
| Ƙara sabon aiki | Mai sauƙi ƙwarai | Mai sauƙi | Matsakaici | Sai wanda ya iya |
| Ƙaura | Ba ta yiwuwa | Sai an sake ginawa | Ana kwashe komai | Ana kwashe komai |
| Babban haɗari | Rasa asusu | Tashin dala, katin biya | Kutse, saƙon da bai iso ba | Ɓacewar mai haɗawa |

Sunan shafin

Kowanne ka zaɓa daga ukun ƙarshe, sunan shafin ka saye shi da kanka, da imel ɗinka da katinka, a asusun da kai kaɗai ke da mabuɗinsa. Abin da ke yawan faruwa shi ne mai haɗa shafi ya yi rajistar sunan a asusunsa don sauƙi. Bayan shekara wa'adi ya cika, wasiƙar tuni ta tafi wurinsa, shi kuma ya canza lamba. Sunan da ya ƙare yana da ɗan lokacin alfarma, daga nan sai a biya tara mai tsada kafin a dawo da shi, daga nan kuma a sake shi ga duk wanda ya riga saye. Ka kunna sabuntawa ta kai tsaye, ka kuma rubuta ranar ƙarewar a inda kake rubuta ranar sabunta lasisinka. Muddin sunan yana hannunka, kana iya barin Squarespace ka koma WordPress ba tare da allon da ke bakin gininka ya zama ƙarya ba.

Wanne ya dace da wa

Ɗalibi ko wanda ya gama karatu yana neman ofishin da zai ɗauke shi, Behance ya ishe shi, domin masu ɗaukar aiki sun saba da shi, kuma ba shi da kwastoman da zai cika fom tukuna. Ya dai sayi sunan shafi tun yanzu idan yana da hali, ya sa shi ya riƙa tura mai ziyara can.

Akitek mai aiki shi kaɗai ko da mataimaki ɗaya, wanda rabin makonsa a bakin gini yake, kuma yana da hanyar biyan dala ba da wahala ba, Squarespace nake ba shi shawara. Kuɗin da zai ƙara bai kai darajar kwastoma guda da fom mai matsala zai ɓatar masa ba. Wix zaɓi ne ga wanda ke son tsara kowane lungu da hannunsa kuma zai zauna ya gyara fasalin waya.

Ofishin da ke da ma'aikata, ayyuka sama da goma sha biyar masu buƙatar rarrabewa, ko buƙatar harshe biyu, ko wanda duk kuɗin shigarsa da naira ne kuma ba ya son hayar da ke bin dala, WordPress ne nasa, bisa sharaɗin a ɗora wa mutum guda a ofis alhakin sabuntawa da gwada fom kowane wata, ko a yi yarjejeniyar kulawa a rubuce da mai haɗawar.

Shafin hannu na akitek ne da shi kansa yake jin daɗin rubuta manhaja, ko wanda abokin kasuwancinsa ke yi. Instagram kuwa kowa ya riƙe shi tare da duk abin da ya zaɓa, ya riƙa ɗora hoto ɗaya ko biyu na kowane aiki, mahaɗin da ke saman asusun kuma ya kai mutum kai tsaye shafin da ke bayyana matakan ba da aiki.